Aiki na 7: Ruwa kan Ruwa a Lissafin Rance

Tambaya

Wani mai injin niƙa a Funtua ya karɓi rancen ₦400,000 daga banki don ya sayi sabon inji. Sharaɗin shi ne ruwan kashi 15 cikin 100 a shekara, kuma ruwan kowace shekara za a haɗa shi da uwar kuɗi a ƙarshen shekarar. Ya yi shekara 4 bai biya ko kwabo ba.

(a) Nawa ake bin sa a ƙarshen shekara ta 4?

(b) Nawa ne kuɗin ruwan kaɗai, kuma da nawa ya zarce ruwan da ake lissafawa a kan uwar kuɗi zalla?

(c) Da a ce ya rage ₦100,000 a ƙarshen shekara ta 2, nawa zai saura a kansa a ƙarshen shekara ta 4?

Ƙa'ida

```
A = P(1 + r/100)^n
```

P ita ce uwar kuɗi, wato ₦400,000. r shi ne ruwan shekara, 15. n yawan shekaru ne, 4. A kuma jimillar abin da za a biya, uwa da ruwa a haɗe.

Amsa ta (a), shekara bayan shekara

Kafin ku taɓa ƙa'idar, ku bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, don ku ga inda kuɗin yake haihuwa.

Shekara ta 1: an fara da ₦400,000. Ruwa: 400,000 × 0.15 = ₦60,000. Bashi ya zama ₦460,000.

Shekara ta 2: yanzu ₦460,000 ce uwar kuɗi, tunda dubu sittin ɗin bara ta shige ciki. Ruwa: 460,000 × 0.15 = ₦69,000. Bashi ya zama ₦529,000. Ku lura da ₦9,000 da ta ƙaru a kan ruwan bara. Ita ce ruwan da dubu sittin ɗin ta haifa da kanta, kuma a nan ne duk darasin yake.

Shekara ta 3: 529,000 × 0.15 = ₦79,350. Bashi ya zama ₦608,350.

Shekara ta 4: 608,350 × 0.15 = ₦91,252.50. Bashi ya zama ₦699,602.50.

Yanzu mu gwada da ƙa'idar:

```
A = 400000 × (1.15)^4
  = 400000 × 1.74900625
  = 699602.50
```

Amsa ɗaya ce: ₦699,602.50.

Gargaɗi biyu, don na gaji da jan biro a kansu. Na farko, (1.15)^4 yana nufin 1.15 × 1.15 × 1.15 × 1.15. Wanda ya buga 1.15 × 4 a kalkuleta zai samu 4.6, sai ya ɗora wa bawan Allah bashin ₦1,840,000, kuma ya miƙo mini takarda ko a jikinsa. Na biyu, kada ku datse lamba a tsakiyar aiki. In kun mai da 1.74900625 ta zama 1.75, za ku tashi da ₦700,000, kuskuren ₦397.50 ke nan. A kasuwa ana iya yafe wannan, ni ba zan ba da makin ba.

Amsa ta (b)

Kuɗin ruwa: 699,602.50 − 400,000 = ₦299,602.50.

Da a kan uwar kuɗi zalla ake lissafi, ₦60,000 ce duk shekara, sau 4, ₦240,000. Bambanci: 299,602.50 − 240,000 = ₦59,602.50. Kusan ruwan shekara guda cur ke nan, daga ruwan da ya hau kan ruwa kawai. In ya ƙara shekara ɗaya bai biya ba, bashin zai kai ₦804,542.88, ya ninka abin da ya karɓa har da ɗoriya.

(Wata ɗaliba ta tambaye ni me ya sa muke koyon wannan alhali riba haramun ce. Ko wanda ba zai taɓa cin bashin ruwa ba yana bukatar ya iya karanta takardar da aka ajiye a gaban ɗan'uwansa. Haka kuma da wannan ƙa'idar ake lissafa hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a.)

Amsa ta (c)

Ƙarshen shekara ta 2: 529,000 − 100,000 = ₦429,000.

Shekara ta 3: ruwa ₦64,350, bashi ₦493,350.

Shekara ta 4: ruwa ₦74,002.50, bashi ₦567,352.50.

In an haɗa da dubu ɗarin da ya riga ya bayar, duka ya biya ₦667,352.50. Ya tsira da ₦32,250, wato ruwan da dubu ɗarin nan za ta tara a shekara biyu da ta zauna a cikin bashin.

Aikin gida: ku sake (c), amma a ce a ƙarshen shekara ta 1 ya rage dubu ɗarin. Ku nuna kowace shekara a layinta, ku kawo ranar Litinin.