Takardar Karatu a Taron Unguwa: Maganin Rigakafin Zazzaɓin Damina na Yara

Za a karanta wannan takarda a taron ƙofar gidan mai unguwa ranar Asabar bayan la'asar, a sake karanta wa mata a makarantar Islamiyya ranar Lahadi da hantsi. Ma'aikaciyar lafiya ta ɗakin shan maganinmu ce ta rubuta, daga wani dogon rahoto na Turanci. Mai karantawa, don Allah kada ka yi sauri, ka riƙa tsayawa jama'a su tofa albarkacin bakinsu.

Wane bincike ne?

A shekarar 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani aiki mai suna ACCESS-SMC. An yi shi ne a daminar 2015 da ta 2016 a ƙasashe bakwai: Najeriya, Nijar, Cadi, Mali, Burkina Faso, Gini da Gambiya. A Najeriya jihohin Sakkwato da Zamfara ne suka shiga. Ke nan yaran da aka duba irin namu ne, sauronsu ɗaya da namu, daminarsu ɗaya da tamu.

Abin da aka bincika shi ne maganin nan da masu rabo ke kawowa gida-gida duk wata idan ruwa ya sauka, ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, alhali lafiyarsu ƙalau. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ke taruwa a 'yan watannin damina. A 2016 kaɗai yara sama da miliyan 7 ne aka yi niyyar ba su maganin a ƙarƙashin wannan aiki.

Me aka gano?

Masu binciken sun riƙa samun yaran da aka kawo asibiti aka gwada jininsu aka ga maleriya, sai su nemi sa'anninsu na maƙwabta da ba su kwanta ba, su bincika wa ya sha magani, kuma yaushe. Suka tarar cewa cikin kwana 28 bayan shan magani, zazzaɓi ya ragu da kashi 88 cikin ɗari. Ma'ana, inda da yara ɗari za su kwanta, wajen 12 ne kawai suka kwanta. A Burkina Faso mutuwar yara a asibiti sanadin maleriya ta ragu da kusan kashi 42 cikin ɗari a lokacin damina, a Gambiya da kusan kashi 57.

To amma ga inda gizo ke saƙa, kuma saboda shi aka kira wannan taro. Duk wata, kamar yara uku cikin huɗu ne ke samun maganin. Waɗanda suka sha zagaye huɗu cif kuwa, da kaɗan suka haura rabi. Sauran an tsallake musu wata guda ko fiye. Kuma ƙarfin maganin ba ya zama a jiki har abada: da an wuce mako huɗu sai ya fara ja da baya, tsakanin kwana 29 da 42 kariyar ta sauko wajen kashi 61 cikin ɗari. Yaron da ya sha a Yuli aka manta da shi a Agusta, ya shiga tsakiyar marka ne da ragowar kariya, lokacin da sauro ya fi kowane lokaci yawa.

Mai karantawa, tsaya nan ka tambaya: bara, gidan wa masu rabo suka zo suka tarar an tafi gona da yara? Wa ya tafi biki ko ganin gida a makon rabo?

Yadda ake ba da shi

Magani iri biyu ne a fakiti ɗaya, za ku ga an rubuta SP da AQ. Ranar farko yaro zai sha biyun a gaban mai rabo. Sai a bar wa uwa ƙwaya biyu na AQ, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Iyayenmu mata, waɗannan biyun amana ce a hannunku, ba mai tsaya muku a kai.

Ki zuba ruwa mai tsabta kaɗan a cokali ko ƙaramin kofi, ki saka ƙwayar ta narke. Ki zaunar da yaro a cinyarki kansa a ɗage, kada ki kwantar da shi, kada ki toshe masa hanci ki yi masa ɗure. Ki ba shi a hankali, ki ɗauraye kofin da ɗan ruwa ki ƙara masa don kada saura ya manne a gindi. Gara ya ɗan ci wani abu tukuna, ko kunu ne. Idan ya amayar cikin rabin awa a ranar farko, a bari ya huta, mai rabo zai sake ba shi sau ɗaya. Idan a rana ta biyu ko ta uku ne, ki aiko mana.

Akwai wata al'ada da muke gani: yaro ya sha na farko, uwa ta ga yana wasansa, sai ta jefa sauran cikin kwalla ta ce ta ajiye wa ranar da jikinsa ya yi zafi, ko ta ba yayansa ɗan shekara bakwai. An yi biyu babu ke nan, ƙaramin bai samu cikakkiyar kariya ba, babban kuma bai ishe shi ba. Fakitin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya ma daban yake da na manyansu, kada a musanya.

Yaron da ke da zazzaɓi ranar rabo ba a ba shi, sai a kawo shi a gwada jininsa. Haka wanda ke shan saftirin, da wanda ya taɓa shan wannan magani jikinsa ya yi borin jini ko ya kumbura. Ku faɗa wa mai rabo gaskiya tun kafin ya ɓare fakiti.

Yana da illa?

Tambaya ce mai kyau, kuma masu binciken sun bi ta. An ba da maganin sama da sau miliyan 37 cikin shekara biyu, rahoton illa mai tsanani da ya iso gare su 36 ne, 31 daga ciki matsalar ciki ce irin su amai. Wannan lissafin abin da aka kai rahoto ne kawai, don haka kada ku yi shiru da abin da kuka gani. Ƙuraje, kumburin fuska ko leɓe, ko aman da ya ƙi tsayawa, a dakatar da maganin a kawo yaro nan take.

Maganin nan bai soke gidan sauro ba. Ku tuna da yaran nan 12. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kawo shi gwaji a ranar, ko jiya ya sha magani. Wanda ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ba a jiran gari ya waye.

Abin da muke so a yanke yau

Magidanta, ku ba da izini tun yanzu, don kada masu rabo su zo a ce maigida ba ya nan. Mai unguwa ya amince mai shela ya zagaya kwana biyu kafin kowane zagaye, liman kuma zai tunatar bayan sallar asuba a rana ta biyu da ta uku. Muna neman mace ɗaya a kowane layi da za ta leƙa gidaje ta ga an ba da ƙwayar gobe da ta jibi. Mai son aikin ta ba da sunanta kafin a tashi.

Zagayen farko zai fara ranar Alhamis mai zuwa. A ajiye katin yaro inda ruwa ba zai taɓa shi ba, a kansa ake sa alamar kowane wata. Wanda masu rabo ba su same shi a gida ba, ya kawo yaransa ɗakin shan magani kafin Lahadi da yamma.