Takardar Koke Kan Jinkirin Biyan Albashi

Unguwar Kurna, Kano
14 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Manajan Darakta,
Sharaɗa, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne a kan albashina da ya maƙale. Shekarata shida ina riƙe da makullin sito a wannan masana'anta, ban taɓa kawo koke a rubuce ba sai yau da abin ya kai ni bango.

Takardar ɗaukata aiki ta ce za a riƙa biyana N95,000 ranar 28 ga kowane wata. Albashin Yuli bai shigo ba sai 19 ga Agusta, bayan kwana 22. Na Agusta kuwa rabi aka turo, N47,500, ranar 22 ga Satumba. Na Satumba har yau ko kwabo ban gani ba, ga shi kwana 16 ke nan. Jimillar abin da nake bi ya kama N142,500. Sau biyu ina tuntuɓar akanta, ranar 2 da ranar 9 ga wannan wata, yana ce mini in ƙara haƙuri, amma bai sa rana ba. Na haɗo da takardar bayanin asusuna daga banki domin a duba.

Na san halin da ake ciki. Ni nake rubuta dizal ɗin da janareta ke sha, ina kuma ganin kayan da suka jibge a sito babu mai ɗauka. Shi ya sa na yi shiru tun Yuli. To amma Alhaji, gida ba ya jira. An koma makaranta, an koro mini yara biyu saboda kuɗin zango. Mai kantin layinmu, da nake karɓar shinkafa da mai a wurinsa, ya buɗe littafin bashi ya nuna mini shafina ya cika, wallahi na rasa bakin magana. Kullum sai na hau adaidaita sahu biyu kafin in iso Sharaɗa daga Kurna, kuma duk da haka ban yi fashin ko kwana ɗaya ba, rajistar zuwa aiki tana nan.

Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda, kuma Alhaji ya fi ni sanin hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Ina roƙon a taimaka a biya ni kafin Juma'a, 24 ga Oktoba. Idan ba zai yiwu a dunƙule ba, a fara da cikon na Agusta, a ba ni ranar biyan sauran a rubuce, in samu abin da zan nuna wa makarantar yara da mai kanti.

Allah ya ƙara buɗi, ya ja zamanin Alhaji.

Naka mai biyayya,
Nasiru Garba
Mai kula da sito