Famfon sodiyam da fotasiyam da cajin hutu: bayani ga 'yan aji biyu kafin gwajin ranar Alhamis

Ɗalibai, na duba amsoshinku na makon jiya kan yadda ake samun cajin hutu, wato cajin da ke cikin ƙwayar jijiya lokacin da ba ta aika saƙo. Da yawanku sun rubuta cewa famfon yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, don haka cikin ƙwayar jijiya ya zama −70 mV. Rabin farko daidai ne, amma "don haka" ɗin nan ya tsallake muhimmin mataki, kuma shi nake so ku gane kafin Alhamis.

Famfon furotin ne da ya ratsa tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta, sunansa a littattafanku Na+/K+-ATPase. Jens Christian Skou, ɗan ƙasar Denmark, ya gano shi a 1957 cikin jijiyoyin ƙaguwa, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Da farko bakinsa a buɗe yake ta ciki, sodiyam uku su maƙale masa. Sai ya fasa ATP guda, fosfet ɗaya ya manne a jikinsa. Wannan fosfet shi ke sauya masa siffa: ya rufe ta ciki, ya buɗe ta waje, riƙonsa ga sodiyam ya yi sanyi, ya sake su. A sabuwar siffar fotasiyam yake so, sai biyu daga waje su shiga. Shigarsu ke sa fosfet ɗin ya faɗi, famfon ya koma yadda yake, ya zubar da fotasiyam a ciki. Duka biyun ana kai su ne inda suka riga suka yi yawa, shi ya sa dole a biya da ATP.

Sakamakon wannan aiki da ba ya tsayawa shi ne: fotasiyam a ciki kusan milimol 140 a lita, a waje 4 zuwa 5, sodiyam kuwa kusan 145 a waje, a ciki 10 zuwa 15. Kamar injin tura ruwa ne zuwa tankin sama. Injin ba shi ke zuba ruwa a bokitinka ba, amma in bai cika tankin ba, ko ka buɗe kan famfo ba abin da zai zubo.

To, ina cajin ya fito? A lokacin hutu akwai ƙofofin fotasiyam da ke buɗe kullum a jikin tantanin, na sodiyam kuwa kaɗan ne ƙwarai. Fotasiyam ya yi yawa a ciki, sai ya riƙa sulalewa waje ɗauke da cajinsa na +. Manyan furotin masu cajin − ba su iya bin sa, a ciki suke zama. Kowane fotasiyam da ya fita yana ƙara wa ciki cajin −, wannan cajin kuma yana jan fotasiyam ya dawo. Inda ƙarfin turawa da ƙarfin ja suka yi kunnen doki shi ne kusan −90 mV. Da sodiyam ne kaɗai ke wucewa, da sai wajen +60 mV za a daidaita. Da yake tantanin ya fi barin fotasiyam ya wuce nesa ba kusa ba, cajin ya tsaya kusa da nasa, ɗan sodiyam da ke ɗigowa ciki ya ɗaga shi zuwa wajen −70.

Bambancin uku da biyu yana da nasa tasirin, tunda a kowane zagaye caji ɗaya na + ke fita ba a mayar ba. Amma 'yan milibolt kaɗan ne. Hujjar ita ce, in aka toshe famfon da guba, cajin ba ya rushewa nan take. Yana ɗan ragewa, jijiyar ta ci gaba da aika saƙo na wani lokaci, sannan a hankali sodiyam ya taru a ciki, fotasiyam ya tsiyaye, cajin ya dushe, ƙwayar ta kumbura da ruwa. Haka ke faruwa a ɓangaren ƙwaƙwalwar da jini ya yanke masa a shanyewar ɓarin jiki: ba iskar oksijin, ba ATP, famfon ya tsaya.

Masu toshe shi ma ba baƙinmu ba ne. Kwankwanin da maharba ke haɗa dafin kibiya da shi yana ɗauke da sinadarai 'yan gida ɗaya da digosin, maganin zuciya da za ku gamu da shi a asibiti. Duka famfon nan suke kamawa, ta wajen da fotasiyam ke shiga, shi ya sa mai shan digosin da fotasiyam ya yi ƙasa a jininsa yake cikin haɗarin maganin ya zame masa guba.

A gwajin zan ba ku yanayi biyu: an toshe famfon, da kuma an ƙara fotasiyam a ruwan da ke waje zuwa milimol 10. Ku faɗi wanne zai sauya cajin hutu da sauri, da dalili.