Tsayayyen Tsarin Aiki: Gwajin PCV da Siririn Bututun Gilashi

Lambar takarda: JN-004
Bugu: na 3, ya maye gurbin bugu na 2
Ranar fara aiki da shi: 3 ga Maris, 2025
Ranar sake dubawa: Maris, 2027, ko kafin nan idan an sauya inji ko kayan aiki
Wanda ya rubuta: babban ma'aikacin sashen gwajin jini
Wanda ya duba: jami'in kula da inganci
Wanda ya amince: shugaban ɗakin gwaje-gwaje

1. Manufa da iyaka

Takardar nan tana bayyana yadda ake auna PCV a wannan ɗakin gwaje-gwaje, wato kason da jajayen ƙwayoyin jini suka cinye daga cikin jini gaba ɗaya bayan an juya shi a inji. Da wannan sakamako likita yake gane ƙarancin jini ko kaurinsa, wani lokaci ma a kansa ake yanke shawarar ƙarin jini. Ta shafi duk wanda yake taɓa wannan gwaji, da rana ko da dare, har da ɗalibai masu koyon aiki. Ba ta shafi sakamakon da na'urar ƙidayar ƙwayoyin jini ke fitarwa ba, wannan yana da tasa takardar.

2. Yadda ake amfani da wannan takarda

Kwafi biyu ne kawai ake aiki da su, kowanne da jan hatimi: ɗaya a cikin fayil ɗin da ke gefen injin juya jini, ɗaya a ofishin jami'in inganci. Kwafin da babu hatimi a jikinsa ba a aiki da shi, ko da rubutun iri ɗaya ne.

Sabon ma'aikaci zai karanta takardar daga farko har ƙarshe, ya kalli ƙwararre yana yin gwajin, sannan ya yi samfura 10 a gabansa. Sai sakamakonsa ya dace da na ƙwararren ne za a sa masa hannu a takardar ƙwarewa, daga nan ya fara aiki shi kaɗai. Tsofaffin hannu ma za su karanta kowane sabon bugu su sa hannu. A gaskiya su ne suka fi bukatar hakan, domin wanda ya shekara goma yana abu ɗaya hannunsa ne yake aiki ba idonsa ba, kuma sauyin da aka yi a takarda ba ya isa ga hannu sai an karanta.

Kada a gyara komai da biro a jikin kwafin. Wanda ya ga kuskure, ko ya ga matakin da ba ya yiwuwa a aikace, ya rubuta a fom ɗin neman gyara ya miƙa wa jami'in inganci. Muna son irin wannan rahoto ƙwarai. Idan wani dalili ya tilasta a kauce wa wani mataki, a rubuta abin da aka yi da dalilinsa a rajistar matsaloli tun kafin a tashi daga aiki.

3. Nauyin da ke kan kowa

Mai gwaji ne yake karɓar samfur, ya yi gwajin, ya rubuta sakamako. Babban ma'aikacin sashe yana duba rajistar inganci kowane mako. Jami'in inganci ne yake riƙe da takardar, shi ne kuma yake janye tsohon bugu ranar da sabo ya fito.

4. Tushen gwajin

Idan aka juya jinin da bai daskare ba da ƙarfi, sai ya rabu gida uku: jajayen ƙwayoyi a ƙasa, siririn farin layi na fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini a tsakiya, ruwan jini a sama. Tsawon jan sashen ake kwatantawa da tsawon jinin duka.

5. Samfur

Jinin jijiya a kwalbar EDTA, wato mai maganin hana jini daskarewa, ko jinin da aka ɗiba kai tsaye daga yatsa, ko daga gefen dunduniya idan jariri ne. A yi gwajin cikin sa'o'i 6 da ɗibar jinin.

Ba a karɓar samfurin da babu suna ko lamba a jikinsa, da wanda sunan kwalba ya saɓa da na fom, da wanda yake da gudaji komai ƙanƙantarsa. Haka kuma kwalbar da jinin cikinta bai kai ko kusa da layin da aka shata ba. Wannan na ƙarshe shi aka fi yi wa sassauci, kuma bai kamata ba: idan EDTA ya yi wa jini yawa, ƙwayoyin suna tsukewa, sai sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, a ɗauka majinyaci yana da ƙarancin jinin da ba shi da shi. Duk samfurin da aka ƙi, a rubuta dalili, a sanar da sashen da ya aiko nan take.

6. Kayan aiki

Injin juya jini na ƙananan bututai. Bututan gilashi masu tsawon milimita 75: mai shuɗin zobe, wanda babu magani a ciki, don jinin EDTA, mai jan zobe, wanda yake da hefarin mai hana jini daskarewa, don jinin yatsa. Yumɓun toshe bututu, allon karanta sakamako, auduga ko gauz, safar hannu, farar riga, akwatin zubar da allurai, da jinin gwajin inganci.

7. Kariya

A ɗauki kowane jini a matsayin mai iya yaɗa cuta. Bututun gilashi yana karyewa a hannu, galibi lokacin toshewa, don haka a riƙe shi kusa da bakin da za a toshe. Ba a buɗe inji yana juyawa, ba a kuma tsayar da shi da hannu. Idan aka ji alamar bututu ya fashe a ciki, a kashe injin, a bar shi a rufe na minti 30, sannan a tsince gilashin da hantsaki. A goge farantin da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba ya cin ƙarfe. Ruwan kulorin na tebur da ƙasa ne.

8. Matakan gwaji

1. A tabbatar sunan kwalba da lambarta sun dace da na fom.
2. A gauraya jinin ta hanyar kifa kwalbar a hankali sau 8 zuwa 10. Kada a girgiza. Jinin da ya zauna ya riga ya fara rabuwa, wanda ya ɗiba ba tare da gaurayawa ba ya ɓata gwajin tun kafin ya kunna inji.
3. A cika bututu biyu ga kowane majinyaci, kowanne kimanin kashi uku cikin huɗu. Idan jinin yatsa ne, a share ɗigon farko, kuma kada a matse yatsan da ƙarfi, domin ruwan tsoka yana tsinka jinin.
4. A goge bayan bututun.
5. A toshe bakin da bai taɓa jini ba da yumɓu. Saman yumɓun ya zama a shafe, ba a karkace ba.
6. A jera bututan a faranti suna fuskantar juna, bakin da aka toshe yana kallon waje, yana jingine da robar gefe. A rubuta lambar gurbi a gaban sunan majinyaci a takardar aiki. Bututun ba shi da wurin rubuta suna, lambar gurbin ita ce kaɗai shaidarsa.
7. A ɗaure murfin ciki sosai, sannan a rufe na waje.
8. A juya na minti 5 a ƙarfin 12,000 g.
9. A karanta cikin minti 10 da tsayawar injin. Bututun da aka bari a kwance ya daɗe, layinsa yana karkacewa.
10. A kan allon karatu, a daidaita ƙasan jan sashe, wato daidai saman yumɓu, da layin 0, saman ruwan jini kuma da layin 100. A karanta a inda jan sashe ya ƙare, ƙarƙashin farin layin. Farin layin ba ya cikin lissafi.
11. A dubi launin ruwan jinin. Idan ja ne, ƙwayoyi sun farfashe, a nemi sabon samfur. Idan rawaya ce sosai ko fari kamar madara, a rubuta hakan tare da sakamako.

Idan allon karatu ya lalace, a auna da rula a yi lissafi:

```
PCV (%) = (tsawon jan sashe ÷ tsawon jini duka) × 100
```

Misali, jan sashe milimita 22, jini duka milimita 52, ya ba da 42%.

9. Tabbatar da inganci

Kowace safiya, kafin samfurin majinyaci na farko, a gwada jinin inganci mataki biyu, na daidai da na ƙasa, a rubuta a rajista. Idan ɗaya ya fita daga iyakar da ke takardar kamfanin da ya haɗa shi, a maimaita sau ɗaya. Ya sake fita, a dakatar da gwajin a kira babban ma'aikacin sashe. Ba a ta maimaitawa har sai an samu lambar da ake so.

Bututan majinyaci biyu kada su bambanta da fiye da maki 2. Idan sun dace a ba da matsakaicinsu, idan ba su dace ba a sake daga mataki na 2. Inda aka auna himoglobin ma, a ninka shi sau uku, ya kamata ya zo kusa da PCV. Tazara mai yawa alama ce ta a koma a duba.

Duk wata uku a duba gudun inji da agogonsa. Injin da ya rage gudu yana barin ruwan jini a tsakanin ƙwayoyi, sakamako ya yi sama.

10. Ba da sakamako

Ana rubuta sakamako a cikakkiyar lamba, da alamar %. Iyakokin da wannan ɗaki yake amfani da su ga manya: maza 40 zuwa 50, mata 36 zuwa 46. Na yara da jarirai da masu juna biyu suna cikin jadawalin JN-004A.

Idan sakamakon babba ya gaza 20% ko ya haura 60%, a maimaita gwajin, sannan a kira likita ko ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi a waya cikin minti 15. A sa wanda aka gaya wa ya maimaita sunan majinyaci da lambar, a rubuta sunansa da lokacin kiran. Irin wannan sakamako ba a ajiye shi a tire a jira a zo ɗauka.

11. Abin da gwajin ba ya nunawa

Bayan zubar jini mai yawa kwatsam, PCV yana iya fitowa daidai na wasu sa'o'i, saboda ƙwayoyi da ruwan jini tare suka zube. Rashin ruwa a jiki yana ɗaga shi, haka ma igiyar dantse idan ta wuce minti ɗaya a ɗaure. Jinin da aka ɗiba daga hannun da ake ƙarin ruwa yana fitowa ƙasa. A jinin masu sikila, ƙwayoyin ba sa matsuwa sosai, don haka sakamakon yakan ɗan fito sama da gaskiya.

12. Rajistoci da tarihin gyara

Takardar aiki, rajistar inganci, rajistar kula da inji da rajistar kiran gaggawa duk suna ajiye a sashen, kuma da biro ake cika su. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu.

Bugu na 1, Janairu 2021: rubutun farko.
Bugu na 2, Fabrairu 2023: an wajabta bututu biyu ga kowane majinyaci.
Bugu na 3, Maris 2025: an ƙara rubuta lambar gurbi a mataki na 6, bayan an sami musanyar bututan majinyata biyu a aikin dare, an kuma sanya wa kiran gaggawa iyakar minti 15.