Takardar Tantance Aikin Shekarar 2025: Malama Hadiza Umar

15 ga Disamba, 2025

Zuwa ga Malama Hadiza Umar,
Babbar Akanta, Sashen Kuɗi da Lissafi

Malama Hadiza,

Bayan gaisuwa, na rubuto wannan takarda ne domin tabbatar da abin da muka tattauna a zamanmu na ranar Alhamis, 11 ga Disamba, game da aikinki daga Janairu zuwa yau, kuma na so ta zo hannunki kafin ki fara hutun haihuwa.

Matsayin da na ba ki a bana shi ne "ta zarce abin da ake tsammani", wato mataki na huɗu cikin biyar da kamfani yake amfani da su. Babban dalilina shi ne rufe lissafin wata. A farkon shekara sai mun kai ranar aiki ta 12 kafin mu rufe littattafan watan da ya gabata, amma tun daga Yuni ba mu ƙara wuce ranar aiki ta 7 ba. Hakan ya samu ne saboda kin mayar da daidaita lissafinmu da bayanan banki aikin kowane mako maimakon a tara shi sai ƙarshen wata, kuma kin shawo kan sashen saye-saye suka riƙa kawo rasidai da takardun neman biya a kan kari, abin da muka daɗe muna nema bai yiwu ba. A watan Agusta ke ce kika gano an biya wani mai kawo mana kaya sau biyu a kan takarda ɗaya, kika bi maganar cikin natsuwa har kuɗin suka dawo ba tare da hulɗarmu da shi ta ɓaci ba. Masu binciken asusu ma ba su sami wata muhimmiyar gyara a ɓangarenki ba, kuma a ganina wannan ya fi duk wani yabo da zan rubuta nauyi.

Akwai abu ɗaya da nake so ki gyara. Kina yawan riƙe aiki a hannunki, ko da akwai na ƙasa da ke da za su iya yin sa, saboda kina gudun kuskure. Na fahimci dalilin, sai dai hakan ya sa kina daɗewa a ofis bayan an tashi, kuma ƙananan akantoci biyun da ke ƙarƙashinki ba su samu gogewar da ta kamata ba. Tun da kika fara koya wa Malam Sani aikin albashi a watan Oktoba na ga sauyi, kuma ina so hakan ya zama hanyar aikinki idan kin dawo.

Hutunki zai fara ranar Litinin, 5 ga Janairu, 2026, na tsawon makonni 16 da cikakken albashi kamar yadda ƙa'idar aikinmu ta tanada, ki dawo ranar Litinin, 27 ga Afrilu. Idan likita ya ba da shawarar ki tafi kafin lokacin, ko kina so ki haɗa da ragowar hutunki na shekara, ki sanar da sashen ma'aikata kawai. Ina so in faɗa a rubuce cewa wannan hutu haƙƙinki ne, kuma shi da ranakun da kika je awo ba su shiga ma'aunin da na yi amfani da shi ba. Kujerarki tana nan tana jiranki. Na kuma miƙa sunanki ga kwamitin ƙarin girma da zai zauna a watan Maris, kuma ni zan gabatar da takardunki tunda ba za ki kasance a wurin ba.

Malam Sani zai riƙe albashi da biyan masu kawo kaya, ni kuma zan sa hannu a rufe lissafin wata da kaina. Abin da nake buƙata daga gare ki shi ne takardar miƙa aiki kafin 24 ga Disamba, wadda za ta nuna basussukan da ake bin mu, waɗanda muke bi, da ranakun biyan haraji na watanni huɗun farko. Bayan haka ba wanda zai kira ki a kan aiki, kuma na riga na sanar da sashen baki ɗaya.

Ba zan sa miki burin aikin 2026 yanzu ba. Za mu tsara shi tare a makonki na biyu da dawowa, gwargwadon watannin da suka rage a shekarar, tare da lokutan shayarwa da za ki buƙata a ranakun aiki.

Idan akwai abin da ba ki yarda da shi ba a wannan takarda, ki rubuto mini kafin 22 ga Disamba domin a ajiye amsarki tare da ita a fayil ɗinki. Na gode da aikin da kika yi wa sashen nan a bana. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za a samu.

Taki,
Zainab Bello
Manajar Sashen Kuɗi da Lissafi