Tsarin Ɗorewar Aiki da Farfaɗowa Bayan Ɓarna: Takardar Ma'aikatan Shagon Magani

Daga ofishin Manaja, Litinin 6 ga Janairu, 2025. Zuwa ga Alhaji mai shago, Hajiya mai harhaɗa magani, Malam Akawu, da sauran ma'aikata takwas na babban shago a titin Gidan Zu da ƙaramin reshe na Hotoro, Kano.

Assalamu alaikum.

Kowa a cikinmu yana tune da Larabar nan ta damunar bara, da aka jona filashin wani abokin ciniki a kwamfutar kanta, kafin azahar duk fayilolinmu suka kulle. Yaron da muke kira gyara ya zo cikin minti arba'in, ya zare wayar intanet, ya hana cutar tsallakawa zuwa kwamfutar Malam Akawu. Ya yi aikinsa daidai. Amma kwana uku muka yi ba mu san farashin rabin kayan da ke kan kanta ba, ba mu san bashin da muke bin asibitoci biyu ba, kuma da idona na ga wata dattijuwa mai ciwon suga ta juya ba tare da allurarta ba, alhali tana cikin firjinmu. Wannan juyawar ce ta sa na zauna na rubuta takardar nan.

Abubuwa uku da muke cakuɗawa

Ɗaukin gaggawa shi ne abin da yaron nan ya yi: gano abin da ya faru, tare shi kada ya yaɗu, kawar da shi, da adana shaida. Hankalinsa yana kan matsalar kanta, lokacinsa kuma mintoci ne zuwa awoyi.

Ɗorewar aiki ba ruwanta da musabbabi. Gobara ce, ambaliya ce, kutse ne, ko dokar hana fita, tambayarta ba ta canzawa: yaya mai ciwon suga zai karɓi allurarsa yau, alhali matsalar tana nan ba ta kau ba? Mutane, wuri, kaya, kuɗi da takarda duk a ƙarƙashinta suke. Akwai ma'auni na duniya a kanta, ISO 22301, wanda manyan kamfanoni ke bi. Mu ba takardar shaida muke nema ba, tunanin kawai muka ara: a fara da jera ayyukan da in sun tsaya za a cutu, sannan a yanke wa kowanne wa'adi.

Farfaɗowa bayan ɓarna reshe ne na ɗorewar aiki, ita ce dawo da kwamfuta, manhajar ciniki da bayanai yadda suke.

Abin da ya sa na dage a raba su shi ne, wani lokaci suna karo da juna. Mai ɗaukin gaggawa zai ce kada a taɓa kwamfutar nan sai an gane ta inda aka shigo. Mai ciniki zai ce a kunna ta yanzu, layi ya kai bakin titi. In aka yi gaggawar zuba ajiyarmu a kan na'urar da ba a wanke ba, ajiyar ma sai ta kamu. Don haka kowane aiki da mai shi: gaggawa tana hannuna, ɗorewar ciniki tana hannun Hajiya, farfaɗowa tana hannun Malam Akawu da mai gyara. In ra'ayi ya saɓa, Alhaji ne zai yanke. In ba a same shi cikin minti talatin ba, ni ne. In ba na nan, Hajiya.

Me muke tsoro

Ban ƙirƙiro ko ɗaya ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara na tsawon makonni. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, taransifa kuma tana maƙalewa. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wasu bankuna suka tsaya cak. A farkon Agustan 2024 an sa mana dokar hana fita ta awa 24 a nan Kano. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare, mutane suka fita da kayan jikinsu kawai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wa'adin kowane aiki

Lamba biyu za mu riƙe. Ta farko, wa'adin dawowa: tsawon lokacin da aiki zai iya tsayawa kafin cutarwa ta yi tsanani. Ta biyu, asarar da za mu iya shanyewa: bayanan awa nawa za su ɓace mu iya sake shigar da su da hannu.

- Sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8: kada ya yanke fiye da awa 2.
- Bai wa mara lafiya magani: a dawo cikin awa 1, da takarda da biro.
- Karɓar kuɗi: awa 2.
- Manhajar ciniki da lissafin kaya: awa 24, asara kada ta wuce cinikin yini ɗaya.
- Albashi da littafin bashi: kwana 5.

Ku lura kwamfuta ce ta huɗu. Da gangan na sa ta can.

Yaushe tsarin ke fara aiki

Ba kowace matsala ce ɓarna ba. In an ɗauke wuta sola ta ɗauka, ko kwamfuta ta daskare aka kashe aka kunna, wannan aikin yau da kullum ne. Tsarin nan yana tashi ne idan na ga, ko wanda ke madadina ya ga, cewa ɗaya daga cikin wa'adin da ke sama zai wuce. Kalmar ita ce "mun koma takarda". Duk wanda ya ji ta ya sanar da mutum biyun da ke ƙasansa a katin lambobin da ke aljihun kowa. In babu layin waya, mahaɗarmu ita ce ƙofar reshen Hotoro da ƙarfe takwas na safe.

Kafin komai, rai. In gobara ce ko ruwa, a fita, a ƙirga mutane, a kira 112. Ba na son in ji wani ya koma ɗauko kwamfuta. Za mu sayi wata.

Firji

Nan ne zuciyata ta fi karkata, don allurar suga da ta yi zafi ba kullum take nuna alama a ido ba, sai mu sayar wa mutum abin da ƙarfinsa ya ragu ba mu sani ba. In wuta ta tafi, inbata ce ke riƙe firji ita kaɗai, a kashe fanka da talabijin. In batir ya yi ƙasa, mai gadi ya tayar da janareta. Jarka ɗaya ta lita 25 tana ajiye a ɗakin janareta don wannan kawai, ba a aro, ko ni ne na tambaya. In duka biyun sun gaza, ko za a bar ginin, Hajiya za ta kwashe kayan cikin kuloli biyu masu shuɗin murfi, da ledojin ƙanƙara da kwali a tsakani, don ƙanƙara kada ta taɓa kwalba. Allurar suga da ta daskare ta lalace kamar yadda wadda ta yi zafi ta lalace. A saka ma'aunin zafi a ciki, a kai Hotoro, a rubuta lokacin fita da na isa. Abin da Hajiya ba ta gamsu da shi ba a keɓe shi, ba a sayarwa.

Ciniki ba kwamfuta

Jar jaka tana ƙarƙashin kanta, irinta kuma tana Hotoro. A ciki akwai jerin farashi da ragowar kaya da ake bugawa kowace Asabar, littafin rasit guda uku masu kwafi, kalkuleta, tocila, lambobin dilolinmu huɗu, da sunayen masu karɓar magani duk wata. Wannan jerin na ƙarshe amana ne, yana cikin ambulan a rufe, Hajiya kaɗai ke buɗewa. Littafin magungunan da doka ta tsaurara dama da hannu ake cika shi, kuma yana bin Hajiya duk inda aka koma.

Na'urorin karɓar kati biyu ne, na kamfanoni daban, da layukan waya daban. In taransifa ta ƙi, wanda muka sani ya sa hannu a littafin bashi har Naira 20,000. Wanda ba mu sani ba kuma maganinsa na ceton rai ne, a ba shi na kwana uku a rubuta. Alhaji ya amince da wannan, Allah Ya saka masa.

Dawo da bayanai

Ƙa'idar ita ce kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wajen gini. Manhajar ciniki tana fitar da ajiyarta kowane dare bayan rufe kanta, da kwanan wata a sunan fayil. Malam Akawu zai jona faifan ajiya ya buga wannan:

```
robocopy D:\Ajiya E:\Ajiya /E /R:2 /W:5
```

Kada a ƙara `/MIR`, don yana goge duk abin da aka goge a asali. Da ya gama ya zare faifan. Wanda aka bari a jone, cutar da ta kulle kwamfuta za ta kulle shi tare, kuma abin da ya same mu bara ke nan. Faifan biyu ne, an kulle su da BitLocker, ana musanya su kullum, ɗaya yana kwana a gidan Malam Akawu. Kwafi na uku yana hawa ajiyar intanet. Kalmomin sirri da mabuɗin buɗe faifan suna cikin ambulan a akwatin ƙarfe na gidan Alhaji.

Ranar ɓarna, ba a fara zuba ajiya sai na ce an gama gaggawa. Ba a kan kwamfutar da ta kamu za a zuba ba, a kan ƙaramar kwamfutar da ke Hotoro ce, wadda an riga an saka mata manhajar. Bayan zubawa a gwada kaya goma da jerin Asabar, sannan a shigar da rasit ɗin takarda bi da bi. In akwai alamar an kwashi bayanan marasa lafiya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mu awa 72 daga lokacin da muka sani mu sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, kuma ni zan rubuta. Ba ma biyan kuɗin fansar fayil.

In babban shago ya ƙone ko ruwa ya ci shi, ciniki ya koma Hotoro da mutum biyar, sauran su yi karɓa-karɓa. A ɗauki hotunan ɓarna kafin a share komai, saboda inshora. Albashin wata ɗaya yana ajiye a asusu na daban.

Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Asabar ta farko ta kowane wata Malam Akawu zai dawo da ajiyar daren jiya a kan kwamfutar Hotoro, ya rubuta mintocin da ya ɗauka. Sau biyu a shekara, kafin damuna da farkon hunturu, za mu kashe kwamfutar kanta mu yi ciniki da jar jaka na awa biyu. Na farko ban jira damuna ba: Asabar 1 ga Fabrairu, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe. Kowa ya duba lambarsa a katin aljihu kafin ranar, in ta canza ya faɗa mini, sannan ya sa hannu a kwafin da ke ofis cewa ya karanta.

Manaja