Sanarwa ga 'yan aji ɗaya kan yadda ake rubuta lim

Salamu alaikum ɗalibai, ya sanyi. Na gama makin tes ɗin da muka yi ranar Talata, jiya da dare na ƙarasa shi, kuma akwai abin da ya dame ni da nake so mu gyara tun kafin jarrabawa. Da yawanku kun samu amsar tambaya ta biyu daidai, 4 ce, amma za ku ga na cire maku maki biyu ko uku, to kafin ku cika min ofis da "Malam ai amsata daidai ce" ku karanta wannan tukuna.

Ga abin da na yi ta gani takarda bayan takarda:

```
lim(x→2) (x²-4)/(x-2)
= x+2
= 4
```

Ina lim ɗin ya shiga a layi na biyu? Alamar = fa ba ado ba ce, cewa take yi abin da ke hagu da abin da ke dama abu ɗaya ne. Layin farko lamba ce guda ɗaya, ita x+2 kuwa tana canzawa duk sanda x ya canza, sa x=10 ka ga 12. Wato ka ce min lamba ɗaya daidai take da abin da ke yawo, sannan ka ƙara da cewa x+2 daidai yake da 4 alhali ba wanda ya ce x ya zama 2. Ga yadda nake so:

```
lim(x→2) (x²-4)/(x-2)
= lim(x→2) (x-2)(x+2)/(x-2)
= lim(x→2) (x+2)
= 2+2
= 4
```

Ku lura da inda lim ya sauka, a layin da muka saka 2 a madadin x ne, nan aikinsa ya ƙare. Kamar fasinjan da ya hau keke daga Terminus zai je Farin Gada ne, ba ka sauke shi a hanya don kawai ka san inda za shi, in an iso kuma ba ka ci gaba da yawo da shi. Wasunku su kuma ƙin sauke shi suka yi, har layin ƙarshe suna rubuta lim 2+2, an riga an iso me yake jira?

Kuma ba don tsari kawai nake nacewa ba. Wannan (x-2) da kuka soke sama da ƙasa, wa ya ba ku izini? A x=2 sifiri ne, ba a raba abu da sifiri. Lim ɗin ne ya ba ku izinin, don yana cewa x na matsowa kusa da 2 ne amma bai taka 2 ba, saboda haka x-2 ba sifiri ba ne. Ka jefar da lim ka jefar da hujjarka kenan, sokewar ta zama ta ganganci.

Sai masu rubuta lim = 4 haka tsirara, limit ɗin me? x na zuwa ina? Dole x→2 ya kasance a ƙarƙashinsa, abin da ake ɗaukar limit ɗinsa a gabansa. Wani ma kibiya ya yi ta jerawa a madadin = tun daga sama har ƙasa, kibiyar nan ta "yana dosar" ce, ku bar ta a wurinta.

Batun 0/0 kuma, don Allah kar in sake ganin "= 0/0" a tsakiyar aiki. Ba lamba ba ce. Ka rubuta a gefe da kalmomi cewa sakawa kai tsaye na ba da siffar 0/0 don haka za mu bi wata hanya, shi kenan. Haka 1/∞ = 0, na san abin da kuke nufi amma ∞ ba lamba ba ce da za a raba da ita, rubuta lim(x→∞) 1/x = 0. A tambaya ta huɗu kuma mutane da yawa sun manta ƙaramar + ɗin nan ta x→0⁺, alhali 1/x ta dama sama yake tafiya, ta hagu ƙasa, in ka cire alamar ka canza tambayar gaba ɗaya.

Na san rubuta lim sau uku da hannu mai sanyi ƙarfe takwas na safe a Jos ba daɗi, amma haruffa uku ne kacal. Wannan karon na yi sassauci, a jarrabawa duk layin da lim ya ɓace maki ɗaya zai tafi. Kowa ya sake rubuta tambaya ta biyu da ta huɗu da kyau a takarda ɗaya, da lambar rajistarsa a sama, a ba shugaban aji kafin ƙarfe goma ranar Litinin. Mai ƙorafi kan makinsa ya same ni ofis ranar Alhamis bayan azahar, ya zo da takardarsa.